Me Zan Rubuta a Ƙarƙashin Hoton Man Kaɗe da Sabuluna?

Salamu alaikum Anti. A Jidda nake zaune, ana kawo mini man kaɗe daga gida, ina kuma haɗa sabulu da shi ina sayarwa ta WhatsApp da Instagram. Sauran masu sayarwa suna rubuta "yana hasken fata cikin kwana bakwai, yana maganin ƙuraje da nankarwa", kayansu kuma na tafiya. Ni ba na son faɗin abin da ba haka ba, amma in na rubuta "man kaɗe mai kyau" kawai, ba mai ko tambayar kuɗinsa. Me zan rubuta?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ɗauko roba ɗaya ta man, da sikelin kicin, da cokali, ki zauna da su kafin ki taɓa waya. Bayanin da ke sayar da kaya a jikin kayan yake, kuma ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: duk jimlar da zan rubuta, ko dai mai saye za ta iya tabbatar da ita ranar da ta buɗe murfin, ko kuma ina da abin da zan nuna mata idan ta ce in kawo hujja. Wadda ba ta cika ɗayan biyun nan ba, goge ta nake yi. "Mai kyau" ba ƙarya ba ce, amma ba ta gaya wa kowa komai ba. Matar da ke Riyad tana kallon hoto a waya ba ta da damar shinshinawa ko ta lakata ta murza a bayan hannunta. Abin da hancinta da yatsanta za su gaya mata da a ce a kasuwa take, shi ne aikin rubutunki.

To ki buɗe robar ki duba. Wane launi ne? Ɗanyen man kaɗe, wanda ba a tace a masana'anta ba, yana zuwa fari mai ɗan duhu, ko mai ratsin rawaya, wani lokaci ma da ɗan kore-kore ko toka-toka, gwargwadon yadda aka soya ƙwayar aka dafa man. Wanda ya fito rawaya shar, galibi an sa masa wani abu ne, ko saiwar itace ko manja. Fari tas mara ƙamshi ko kaɗan kuwa tacacce ne. Babu na banza a cikinsu, amma kowanne da sunansa za a sayar da shi. Sai ƙamshi. Ɗanyen man yana da ƙamshinsa mai ɗan hayaƙi da muka taso da shi, wanda mu ba ma ko lura. Balarabiyar da ta saba da man shafawa mai turare kuwa, tana buɗewa za ta ce ya lalace. Jimla ɗaya a cikin bayaninki ta isa ta hana wannan rigimar, kuma ita ce za ta jawo wadda ainihin ƙamshin take nema don ta gane ba a yi masa algus ba.

Daga nan ki lakato cokali guda ki narkar a ƙaramin kofin gilashi da aka tsoma cikin ruwan zafi. Idan ya narke garau, madalla. Idan kin ga baƙin tsaki ya kwanta a ƙasa, ko ɗigon ruwa ya ware, sai kin tace shi kafin ki rubuta kalmar "tsabtatacce". Ruwan da ya rage a cikin mai shi ke sa ya yi saurin yin ɗoyi ko ya yi fumfuna. Amma ki san iyakar gwajin nan: yana nuna datti da ruwa, ba ya nuna ko an cakuɗa man da wani kitse ko wani mai. Saboda haka "zalla" kalma ce da za ki rubuta idan kin san hannun da ya yi shi, ko kin amince da mai kawo miki amincewar da za ki iya tsayawa a kanta. Idan a kasuwa aka sayo miki shi daga hannu na uku, ki rubuta abin da kika sani: daga ina aka kawo, kuma ke ba ki ƙara masa komai ba.

Maganar daga ina aka kawo tana da amfani fiye da yadda ake zato, musamman a nan inda 'yan'uwanmu Hausawan Sudan suke da yawa. Kaɗanya iri biyu ce. Ta wajenmu, Najeriya da Nijar da Gana da Mali, manta yana da tauri, sai an murza shi a tafin hannu. Ta gabas, wadda ke fitowa a Sudan ta Kudu da arewacin Yuganda, wadda ake kira lulu a can, manta ya fi laushi sosai don ya fi yawan mai mai ruwa-ruwa. Wadda ta saba da lulu idan ta karɓi naki mai tauri ba tare da an gaya mata ba, za ta ɗauka tsoho kika ba ta.

Yanzu abin da ya fi jawo wa masu sayar da man kaɗe ƙorafi a ƙasar nan: zafi. Man yana narkewa a kusan zafin jikin mutum, digiri 37 ko ƙasa da haka kaɗan, shi ya sa yake narkewa a hannu. Bayan motar mai kai saƙo a watan Yuli ya wuce haka nesa ba kusa ba. Robar za ta isa gidan mai saye man ya zama ruwa, ta ajiye shi a ɗaki mai sanyi ya daskare a hankali, washegari ta buɗe ta tarar da shi da tsaki-tsaki kamar an zuba masa gari. Dalili kuwa kitsen da ke cikinsa kala-kala ne, wani yana riga wani daskarewa, sai mai taurin ya dunƙule ƙanana-ƙanana. Man bai lalace ba, tsakin yana narkewa a fata. Gyaransa shi ne a narkar da shi gaba ɗaya a kan ruwan zafi har ya yi garau, a sa shi cikin firji ya daskare da sauri. Idan kin rubuta wannan tun farko, ranar da abin ya faru mai saye za ta ce matar nan ta san kayanta. Idan sai bayan ta yi ƙorafi kika yi bayanin, ko gaskiya kika faɗa za ta ɗauka kame-kame kike yi.

Ga yadda zan rubuta na robar giram 250, a ce riyal 40 kike sayarwa:

"Ɗanyen man kaɗe, giram 250 (nauyin man ban da roba), riyal 40. Daga arewacin Najeriya aka kawo shi, na sake narkar da shi na tace da ƙyalle, ban ƙara masa turare ko launi ko wani mai ba. Launinsa fari ne mai ratsin rawaya, yana iya ɗan bambanta daga wannan zuwa na gaba. Yana da ƙamshinsa na asali mai ɗan hayaƙi, yana raguwa bayan an shafa. Da tauri yake zuwa: ki ɗebi kamar ƙwayar wake ki murza a tafin hannu ya narke, ki shafa bayan wanka tun jiki da sauran danshi. Yana tausasa busasshiyar fata, ya fi amfani a dugadugi da gwiwa da gwiwar hannu da leɓe. Yana da maiƙo, mai fuska mai yawan mai ta fara gwadawa a ƙaramin wuri. Ba ya sa haske, ba kuma ya maye gurbin man kariya daga rana. Idan ya narke a hanya ko ya yi tsaki-tsaki bai lalace ba, a narkar a sa a firji. A ajiye a rufe, nesa da rana, a ɗiba da busasshen hannu. Ranar da aka zuba shi a roba tana rubuce a murfin."

Ki lura ban ce "yana warkar da faso" ba, na ce yana tausasa busasshiyar fata. Abin da man ke yi shi ne ya lulluɓe fata ya rage fitar ruwan da ke cikinta, ya kuma laushe saman da ya yi kaushi. Shi ya sa shafa shi a jiƙaƙƙiyar fata ya fi aiki. Wannan kowa zai gani a ƙafarsa cikin 'yan kwanaki, musamman a Riyad da Madina lokacin sanyi inda iska ke busar da fata fiye da nan Jidda mai gumi. Amma nankarwa tabo ne a can ƙasan fata inda ta yage, man da aka shafa a sama ba ya goge shi. Zai iya rage ƙaiƙayi da bushewar wurin, iyakarsa ke nan. Launin fata kuwa man kaɗe ba ya taɓa shi. Abin da mutane ke gani su ce haske, sheƙi ne na fatar da ta daina yin furu-furu. Duk man da ya canza launin mutum cikin mako guda, akwai abin da aka zuba a ciki, kuma irin abubuwan da ake zubawa, su hydroquinone da zaiba da magungunan clobetasol, an haramta su a kayan shafawa saboda ɓarnar da suke yi. Jimlar nan ta "ba ya sa haske" za ta kori wasu, na sani. Waɗanda za ta kora su ne waɗanda da za su dawo bayan kwana bakwai suna neman kuɗinsu.

Akwai kuma ɓangaren doka, wanda yawancinmu ba ma tunawa da shi sai abu ya taso. A Saudiyya hukumar abinci da magunguna, SFDA, ita ke kula da kayan shafawa da na wanka, kuma ƙa'idarta sai an shigar da kaya cikin rajistarta kafin a sa shi kasuwa, da bayani da Larabci a jikinsa. A wajen hukumar, kayan kwalliya abu ne da ke tsabtace jiki, ko ƙamsasa shi, ko kare shi, ko gyara kamanninsa. Da zarar kin rubuta "yana magani" ko "yana warkarwa" ko kin ambaci sunan cuta, kin fitar da shi daga wannan layin kin kai shi layin magunguna, wanda ke da nasa sharuɗɗa masu tsauri. Sannan dokar kasuwanci ta intanet da aka fitar a 2019 ta hana tallar da ke ɗauke da ƙarya ko yaudara, ta kuma ɗauki abin da aka rubuta a talla a matsayin wani ɓangare na yarjejeniyar ciniki. Wato in kin ce kwana bakwai, kin ɗauki alkawarin kwana bakwai ne. Ki kuma sani saƙon yabon da wata ta turo miki, "wallahi ya warkar mini da kirci", ranar da kika ɗauki hotonsa kika ɗora a shafinki ya zama maganarki. Ki zaɓi yabon da ke magana a kan laushi da ƙamshi da saurin isowar kaya ki ɗora, wancan ki gode mata ki bar shi a wayarki.

Tambayar da masu saye suka fi yi bayan kuɗi ita ce "zai kai ni wata nawa?" Kada ki yi kintace. Ki auna robar da kike amfani da ita, ki yi mako guda kina shafa wa hannu da ƙafa kamar kullum, ki sake aunawa. A ce giram 14 ya ragu, giram 2 ke nan a rana, giram 250 zai kai kwana 125, wajen wata huɗu. Sai ki rubuta "idan hannu da ƙafa kawai ake shafawa sau ɗaya a rana, yana kai kusan wata huɗu". Riyal 40 a wata huɗu riyal 10 ne a wata, kuma wannan lissafin yana sayar da kaya fiye da kowace kalmar zuzutawa.

Sai sabulu. A nan kalmar da ta fi yawo ita ce "babu kemikal", kuma ba gaskiya ba ce a kan kowane sabulu a duniya. Sabulu ba ya samuwa sai mai ya haɗu da soda, ko da ruwan toka kamar yadda ake yin sabulun salo, wanda shi ma kanwa ce mai ƙarfi. Idan an auna daidai, sodar tana ƙarewa a cikin haɗin, ita da man su zama sabulu da gilisarin, ba ta rage a matsayin soda ba. Wannan za ki faɗa, kuma ya fi kwantar da hankali: "An yi shi da man kaɗe da man kwakwa da man zaitun da ruwa da soda, ya yi mako shida yana bushewa kafin a sayar." Ki jera kayan daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan man kaɗen kashi 20 cikin 100 ne na man da kika zuba, ki rubuta kashi 20. Mai zuba cokali guda a tukunya ta kira shi sabulun kaɗe ba za ta iya rubuta adadi ba, ke kuwa za ki iya, nan ne kika fi ta. Idan akwai kitsen dabba a ciki ki faɗi na wace dabba, mutane a nan suna tambaya. A takardar jikin kaya kuma ana rubuta sunayen da kowa a harkar ya sani, na man kaɗe shi ne Butyrospermum Parkii Butter.

Nauyi ma wuri ne da ake faɗa wa ƙarya ba da niyya ba. Kin yanka sabulu ranar da kika cire shi daga mazubi, ya auna giram 120, kin rubuta 120. Bayan mako shida ruwa ya fita, ya koma wajen 105 zuwa 108. Mai saye ta ɗora a sikeli ta ga an rage mata. Ki auna bayan ya gama bushewa, ki auna guda biyar ko shida, ki ɗauki mafi ƙanƙanta ki ɗan sauko ƙasa da shi, ki rubuta "aƙalla giram 100". Haka ma kar ki rubuta cewa ma'auninsa daidai yake da na fata. Sabulu na gaskiya yana tsakanin pH 9 da 10, fata kuwa tana wajen 5, shi ya sa yake shiga ido, shi ya sa kuma "ya dace da jarirai" ko "ya dace da kowace irin fata" ba maganar da za ki ɗauka wa kanki ba ce. Ki ce yana wanke jiki, ki kwatanta kumfarsa, mai yawa ce ko mai kauri ce kaɗan, ki ce wasu yana busar musu da fuska su bi da mai. Ki ƙara cewa a ɗora shi a mazubi mai huji, don sabulun da aka haɗa a gida yana riƙe da gilisarinsa, a gumin Jidda yana jan ruwa ya yi zufa, in ya kwana cikin ruwa ya narke.

Wasu suna zuba kurkum ko zuma ko habbatus sauda, sai su ɗora wa sabulun duk falalar da aka san abin da ita. Sabulu bai kai minti ɗaya a jiki ba ake ɗauraye shi. Ki faɗi cewa kin zuba, ki faɗi launin da ya ba shi ko ɗan kaushin da yake yi wajen cuɗa. Ni dai a ganina jawo hadisi a ƙarƙashin hoton sabulu don a nuna zai warkar da cuta nauyi ne babba, ban ga ribar da ta kai a ɗauke shi ba.

Akwai wata gaskiya da ke sayar da sabulu a ƙasar nan fiye da ko'ina, kuma mutane ba su cika amfani da ita ba: rashin turare. Alhazai da masu Umra suna neman sabulu da man shafawa marasa turare saboda harami, kuma maza masu harami suna fama da gogar cinya wajen tafiya, suna neman abin shafawa. Idan kina yin wanda ba ki sa wa komai ba, ki rubuta shi ƙarara: "Ba a sa turare ba, ba a sa man ƙamshi na tsirrai ba, ƙamshin da ke jikinsa na man kaɗen ne." Amma fa ya zama haka ɗin ne. Ɗigon man lafanda ko na lemun tsami ƙamshi ne ko da daga tsiro ya fito. Ki ware masa mazubinsa da wurin shanyarsa, don sabulu yana ɗaukar ƙamshin na kusa da shi, wanda ya yi mako shida a kanta ɗaya da mai turaren oud ba zai fito babu ƙamshi ba. Kuma ki tsaya a kan abin da ke ciki. "Ya halatta ga mai harami" fatawa ce, ta malamai ce, ke naki ki faɗi abin da kika zuba da wanda ba ki zuba ba.

Hoto kuwa ki ɗauka da rana kusa da taga, ba tare da tacewar da ke canza launi ba. Hoto ɗaya na robar a buɗe, ɗaya na man a kan yatsa yana narkewa, ɗaya na sabulun a tafin hannu don a ga girmansa. Hotunan "kafin" da "bayan" ki rabu da su, yawanci hasken ɗakin ne ya bambanta. Idan sabon kaya ya zo launinsa ya fi na baya duhu, ki sake hoto ki gyara jimlar launin a ranar. Kuma tunda da Hausa da Larabci za ki rubuta, ki sa wadda ta iya Larabcin sosai ta karanta miki, ta tabbatar abin da ke cikin ɗaya shi ne a ɗayan, don sau da yawa wajen juyawa ne "yana tausasa" ke komawa "yana magani". Layi biyu na farko su ne ke fitowa kafin a danna a ga sauran, saboda haka sunan kayan da nauyinsa da kuɗinsa da ɗanye ne ko tacacce su zo a nan, bayanin ajiya da narkewa ya biyo a ƙasa.